Ashura ba ta waya ba ce, daga ganin wata ake ƙirgo ta

Duk shekara idan Muharram ya kama, sai saƙonni su fara yawo. Wannan ya ce Tasu'a ranar Alhamis ce, wancan ya ce Juma'a, na uku kuma ya turo hoton kalanda da jan rubutu yana cewa a yaɗa don a samu lada. Abin da ya fi ba ni haushi shi ne babu ɗaya daga cikinsu da ke faɗin ranar da watan ya kama a wurinsa, balle ya faɗi wace ƙasa yake nufi. Sai ka ga mutane suna musu a kan ranar goma alhali ba su daidaita a kan ranar ɗaya ba.

Ra'ayina a taƙaice shi ne: ba a neman Ashura a ranar takwas ga wata. Ana samo ta ne tun yammacin 29 ga Zulhajji, lokacin da ake duban jinjirin wata. Wanda ya riƙe ranar da hukumar ganin wata ta ƙasarsa ta tabbatar a matsayin 1 ga Muharram, ya ƙara kwana tara a kai, ya gama. Ya azumci tara da goma. Kwana na uku, wato sha ɗaya, yana da gurbinsa, amma mutane da yawa suna dogara da shi a inda ba ya tsare su daga komai, kuma zan zo kan wannan.

Ƙirgen kansa

Watan Musulunci kwana 29 ne ko 30. Idan rana ta faɗi a 29 ga Zulhajji aka ga jinjirin wata, wannan daren shi ne daren farko na Muharram, kuma gobe da safe 1 ga wata. Idan ba a gani ba, ko hadari ya rufe, sai a cika Zulhajji talatin, jibi ta zama 1 ga wata. Ba wata hanya ta uku.

A nan kuskure na farko yake shigowa. Dare a lissafin Musulunci yana riga yini. Idan aka sanar cewa an ga wata a yammacin Talata, Laraba ce 1 ga wata. Amma mai karanta sanarwa da gaggawa sai ya riƙe kalmar Talata a kansa ya fara ƙirge daga nan, sai ya wayi gari yana azumtar takwas da tara yana zaton tara da goma ne. Irin wannan mutum ya samu Tasu'a, amma ita Ashurar da ya fito nema ya sha ruwa a cikinta.

Kuskure na biyu na lissafi ne zalla. Mutum ya ji an ce 1 ga Muharram ta faɗo 19 ga wata na kalandar Miladiyya, sai ya ƙara goma ya ce Ashura 29 ce. Ai ranar farko tana cikin ƙirgen. Tara ake ƙarawa: 19 da tara, 28. Tasu'a kuma takwas ake ƙarawa, 27 ke nan.

Akwai dabarar da ta fi wannan sauƙi ga wanda ba ya son lamba. Ranar makon da watan ya kama, ita ce kuma takwas ga wata. Saboda haka Tasu'a ita ce ranar da ke bin ta, Ashura kuma ta gaba. Wata ya kama Laraba, Tasu'a Alhamis, Ashura Juma'a na makon da ke biye. Ya kama Lahadi, Tasu'a Litinin, Ashura Talata. Wannan ba ya taɓa saɓawa.

Kuma tun ranar babbar sallah mutum zai iya sanin inda abin zai faɗo kusan daidai. Sallah 10 ga Zulhajji ce, Ashura 10 ga Muharram, tsakaninsu wata guda cif, kwana 29 ko 30. Idan an yi sallah Laraba, Ashura ko dai Alhamis ko Juma'a. Wanda ya turo maka saƙo da ranar da ba ɗaya daga cikin biyun nan ba, ko dai lissafin wata ƙasa ya ɗauko, ko kuwa ya yi kuskure.

Wannan tsari ba sabo ba ne. A cikin Sahihu Muslim, Hakam ɗan A'araj ya tarar da Abdullahi ɗan Abbas a wajen Zamzam ya tambaye shi game da azumin Ashura. Abin da ya fara ce masa shi ne idan ka ga jinjirin watan Muharram ka fara ƙirge, ka wayi gari ranar tara kana mai azumi. Daga ganin wata ya fara, sannan ƙirge, sannan azumi.

Abin da ya faru a shekarar 1445

Bari mu ɗauki shekara guda mu bi ta daki-daki, don a ga yadda ƙasashe biyu ke rabuwa ba tare da wani ya yi ƙarya ba.

A shekarar 2023, Saudiyya ta shiga Zulhajjin 1444 ranar Litinin 19 ga Yuni, aka yi sallah Laraba 28 ga Yuni. Ranar 29 ga Zulhajji a wurinsu ta zama Litinin 17 ga Yuli. A wannan yammacin babu jinjirin da za a gani, domin sabon watan bai ma haihu ba sai bayan faɗuwar rana a Makka. Sai Zulhajji ya cika talatin ranar Talata, 1 ga Muharram 1445 ta zama Laraba 19 ga Yuli. Tasu'a Alhamis 27, Ashura Juma'a 28.

Pakistan kuwa ta shiga Zulhajji kwana ɗaya bayan Saudiyya, ta yi sallah Alhamis 29 ga Yuni. Ranar dubansu ta zama Talata 18 ga Yuli, ba a ga wata ba, suka cika talatin, Muharram ya kama Alhamis 20 ga Yuli. Ashurarsu Asabar 29.

Lura da inda bambancin ya samo asali. Ba a Muharram ya fara ba, tun Zulhajji suka rabu. Ranar Juma'ar da mutumin Makka yake azumin Ashura, mutumin Lahore ta Pakistan Tasu'a yake yi. Da ɗan Lahore zai karɓi saƙon da aka rubuta da lissafin Makka ya azumci Alhamis da Juma'a, da takwas da tara ya azumta a ƙirgen garinsa, bayan kuwa da ƙirgen garin nasa ya yi sallah wata ɗaya da ya wuce. Ba zai yiwu mutum ya yanka layya da kalanda ɗaya ba, ya nemi Ashura da wata, sannan ya yi mamakin yadda Zulhajjinsa ya zama guntu ko ya zarce.

"To ai wayata ta nuna"

Wannan ce hujjar da na fi ji. Waya ba ta duban sama. Ranar Hijira da ke fitowa a manhaja lissafi ne da aka tsara tun shekaru kafin a zo watan. Da yawa suna bin kalandar Ummul Ƙura ta Saudiyya, wadda ƙa'idarta ita ce a ranar 29 ga wata a duba ta hanyar lissafi: shin watan ya haihu kafin rana ta faɗi a Makka, kuma shin zai faɗi bayan rana? Idan amsar eh ce, gobe sabon wata, ko da tazarar ƴan mintuna ce da ido ba zai iya kama jinjirin ba. Wasu manhajojin kuma tsohon jadawali suke bi, wanda ke ba Muharram talatin, Safar 29, a yi ta juyawa haka, Zulhajji ya samu ƙarin kwana a shekaru 11 cikin kowace 30.

Ba na cewa waɗannan kalandun banza ne. An yi su don ofis, da albashi, da sa ranar taro, kuma suna yin aikinsu. Amma su kansu mahukuntan Saudiyya idan maganar ibada ta zo, kotun ƙoli ce ke kiran mutane su fita duban wata. Masu kalandar ba su ɗauke ta a matsayin hukunci na ƙarshe ba, mu da ke nesa me zai sa mu ɗauke ta haka?

Yadda za ka gane ko wayarka ta kauce abu ne mai sauƙi. Ranar da aka sanar da kamawar wata a ƙasarka, ka buɗe ta da rana tsaka ka duba. Idan ta nuna 1, kun dace. Idan ta nuna 2 ko 30, yawancin manhajojin salla suna da wurin ƙara ko rage kwana, sai ka gyara tun lokacin. Na ce da rana tsaka ne saboda wasu suna juya kwanan wata da magariba, wasu sai ƙarfe goma sha biyun dare. Mutum ya duba bayan isha ya ga an rubuta tara, bai sani ba ko taran da ta wuce ce ko wadda za a wayi gari cikinta.

"Makka ce alƙibla, me zai hana mu bi ta?"

Wannan magana tana da nauyi, ba zan raina ta ba. Akwai manyan malamai da suke ganin idan an ga wata a ƙasa guda, hukuncin ya hau kan sauran Musulmi duka. Wasu kuma suna ganin kowane yanki da nasa ganin, suna kafa hujja da labarin Kuraib da ke cikin Sahihu Muslim: ya ga watan Ramadan a Sham daren Juma'a, ya dawo Madina ya tarar su daren Asabar suka gani, kuma Ibn Abbas bai sauya ƙirgen Madina saboda ganin mutanen Sham ba.

Amma a lura, wannan saɓani ne a kan abin da ya kamata shugabanni da kwamitocin ganin wata su yi aiki da shi. Ba izini ba ne ga kowane mutum ya zaɓi ƙasar da yake so a kowane wata. Idan al'ummar da kake cikinta ta yanke cewa Saudiyya take bi, ka bi ta har Muharram. Idan da ganin kanta take aiki, shi ke nan. A Tirmizi akwai hadisin da ke cewa azumi ranar da kuke azumi ne, shan ruwa ranar da kuke shan ruwa, layya ranar da kuke layya. Kalanda abin jama'a ce.

Akwai kuma masu kallon jinjirin wata su ce wannan ya yi girma, lalle an makara da kwana ɗaya. Wannan ma an riga an amsa shi. Wasu matafiya sun ga jinjiri a Baɗnu Nakhla, wasu suka ce ɗan kwana uku ne, wasu suka ce ɗan biyu, Ibn Abbas ya ce musu na daren da kuka gan shi ne. Girman jinjiri ya danganta da awannin da suka wuce tun haihuwarsa. Watan da ya haihu jim kaɗan bayan faɗuwar rana, aka kasa ganinsa washegari, idan ya bayyana a dare na gaba ya kusa kwana biyu da haihuwa, dole ya fito da kauri ya kuma daɗe a sama. Duk da haka daren farko ne.

Waɗanne ranaku ake azumta

Asalin abin ranar goma ce. Annabi (SAW) ya zo Madina ya tarar da Yahudawa suna azumtarta saboda ranar ce Allah Ya tserar da Annabi Musa da mutanensa daga Fir'auna, ya ce mu muka fi cancantar Musa, ya azumta ya kuma yi umarni da a azumta. Da aka farlanta Ramadan a shekara ta biyu bayan Hijira, sai ta koma nafila. Falalarta, kamar yadda ya zo a hadisin Abu Ƙatada, ita ce kankare zunuban shekarar da ta gabata.

Ranar tara ta shigo ne daga baya. A ƙarshen rayuwar Annabi (SAW), da aka ce masa rana ce da Yahudu da Nasara ke girmamawa, ya ce idan ya kai baɗi zai azumci ta tara. Bai kai ba, ya rasu a Rabi'ul Awwal na shekara ta 11. Don haka tara da goma shi ne abin da ya fi ƙarfin hujja, kuma mazhabobi huɗu duka sun so a haɗa su.

Sha ɗaya fa? Ruwayar da ke cewa a azumci kwana ɗaya kafinta ko kwana ɗaya bayanta tana cikin Musnad na Imamu Ahmad, amma malaman hadisi da dama sun raunana sanadinta. Ibnul Ƙayyim ya jera matakai uku: mafi cika tara da goma da sha ɗaya, sai tara da goma, sai goma kaɗai. Wanda ya yi ukun bai yi laifi ba, ko ba komai Muharram ne watan da azuminsa ya fi falala bayan Ramadan. Abin da ban yarda da shi ba shi ne a riƙa gaya wa mutane cewa wanda bai yi uku ba azuminsa bai cika ba. Wanda ya azumci goma kaɗai ma ya samu Ashura. Hanafawa suna ganin ware ta ita kaɗai makaruhi ne mai sauƙi, sauran da yawa ba su ga komai a ciki ba.

Kwana uku don shakka, da inda ake ɓata shi

An ruwaito daga Imamu Ahmad cewa idan farkon wata ya rikice, mutum ya azumci kwana uku don ya tabbatar ya samu tara da goma. Magana ce mai hikima, amma sai an san waɗanne ukun.

A ce ana shakka tsakanin Laraba da Alhamis a matsayin 1 ga wata. Idan Laraba ce, tara da goma su ne Alhamis da Juma'a. Idan Alhamis ce, su ne Juma'a da Asabar. Kwana ukun da suka rufe duka biyun su ne Alhamis, Juma'a, Asabar. Ga mai ƙirge daga Laraba, sunansu tara, goma, sha ɗaya. Amma ga mai ƙirge daga Alhamis, sunansu takwas, tara, goma.

To ka ga inda matsalar take. Mutumin da garinsa ya fara Alhamis, yake tsoron wataƙila watan ya riga ya kama tun Laraba, idan ya azumci tara, goma, sha ɗaya na ƙirgensa, Juma'a da Asabar da Lahadi ya yi. Lahadin nan ba ta tsare masa komai ba, domin shakkarsa ta baya ce, shi kuma ya ƙara kwana ta gaba. Kamar wanda ruwa ke shigo masa ta ƙofar gaba ne ya je ya toshe ta baya. Sha ɗaya tana amfani ne ga wanda yake tsoron an yi gaggawar shiga watan, misali wanda ya bi lissafin waya ko shaidar da ake tababa a kanta.

Wanda kuwa aka cika masa Zulhajji talatin saboda hadari, abin da zai iya faruwa shi ne watan yana nan a bayan gajimare, ya makara da kwana ɗaya. A wannan hali tararsa ita ce goma ta haƙiƙa. Ke nan azumin tara da goma ya riga ya rufe masa Ashura ta kowane ɓangare. Imamu Nawawi ya ambaci wannan a cikin hikimomin azumin Tasu'a, tare da saɓa wa Yahudawa. Wannan ne ma ya sa nake ganin wanda ya bi sanarwar ƙasarsa ya yi kwana biyun ba shi da dalilin zama cikin waswasi. Shari'a ta ce a cika talatin idan an rufe muku, wanda ya cika ya yi abin da aka ce.

Idan ta faɗo Juma'a ko Asabar

Kamar yadda aka gani a 1445, wannan na faruwa, kuma sai tambayoyi su yi yawa. Hanin da ya zo a kan Juma'a na ware ta ne ita kaɗai, kuma hadisin da kansa ya ce sai dai a azumci kwana kafinta ko bayanta. Mai yin tara da goma ya fita daga wannan tun farko. Imamu Malik ma a Muwaɗɗa ya ce bai ji wani daga cikin malaman da ake koyi da su yana hana azumin Juma'a ba. Hadisin hana azumin Asabar kuwa malamai sun daɗe suna saɓani a kansa, Abu Dawud da ya ruwaito shi ya ce an shafe hukuncinsa. Mafi yawan malamai ba sa ganin laifi ga wanda ya azumci Asabar don ta dace da Ashura, domin ba Asabar ɗin yake nufi ba.

Abin da ya fi wannan cutar da mutane shi ne niyya. A mazhabar Malikiyya ana ɗaura niyyar azumi ne kafin alfijir, ko da nafila ce. Hanafawa da Shafi'awa sun yarda a ɗaura niyyar nafila da rana kafin zawali idan ba a ci komai ba, Hambalawa ma sun yarda har bayan nan. Don haka bin Malikiyya da jiran saƙon safe ba sa haɗuwa. Wanda ya tashi ƙarfe tara ya ga an rubuta yau Tasu'a, a mazhabarsa ta riga ta wuce shi.

Irin wannan mutum bai rasa Ashura ba. Ya ɗaura niyya da daddare ya azumci goma, idan yana da iko ya haɗa da sha ɗaya don ya samu saɓawar da ake nema. Matar da uzurinta na al'ada ya hana ta ranar tara ta yi tsarki kafin alfijir ɗin goma, haka ita ma za ta yi. Wanda kuwa goman ce ta kuɓuce masa gaba ɗaya, babu ramuwa a kansa, domin nafila ce da aka ɗaure da ranarta, sai dai ya azumci abin da ya sawwaƙa daga sauran kwanakin Muharram.